Gyaran takardar lauya: kwafi nawa ke hannunka?

Lauya ya turo min yarjejeniyar sayar da fili ta WhatsApp in duba masa kurakurai. Da matsala?

Akwai, domin tun kafin ka gyara wasali ɗaya takardar ta hayayyafa. Tana cikin hirar, tana ma'ajiyar waya, in kuma wayarka na adana hira a Google Drive, can ma ta je. Da ka tura ta imel don ka buɗe a kwamfuta, ga ɗaya a Sent, ga wata a Downloads. Kwafi biyar ke nan, kowanne ɗauke da sunan mai saye, kuɗin da aka biya da lambar asusu. Ka roƙi lauyan ya kulle fayil ɗin a Word ta File > Info > Protect Document > Encrypt with Password, sannan ya faɗa maka kalmar sirrin da baki a waya. Kai kuma ka tara aikin a folda ɗaya a kwamfuta, kana rubuta duk inda kwafi ya shiga. Wanda ba ka san da shi ba, ba za ka goge shi ba.

Wata jimla ta ɗaure min kai. In nuna wa abokin aikina?

Sai da izinin lauyan. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta ɗora wa lauya riƙe sirrin wanda yake wakilta, ta haɗa har da akawunsa da tafintansa. Wannan amanar ya ba ka, kai kaɗai. Cire suna ma ba ya isa, don lambar fili da unguwa kan tona mai shi.

Na gama na mayar. In danna Delete shi ke nan?

Da saura. Ka bari tukuna lauyan ya ce ya buɗe fayil ɗin lafiya, sai ka bi jerin nan naka ɗaya bayan ɗaya. Delete na kai fayil Recycle Bin ne kawai, dole ka goge shi daga can ma. Gmail da Google Drive kuwa suna riƙe abin da aka goge har kwana 30 a Trash. Ka leƙa File > Open > Recover Unsaved Documents, domin Word kan ɓoye guntun aiki a can. Duk da haka, manhajar dawo da fayil na iya tono abin da aka goge, shi ya sa na fi natsuwa da kwamfutar da aka kulle da BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan kwamfuta, tun kafin aiki ya shigo.

Shafukan da ka buga ka yi musu jan biro, ka mayar ko ka ƙone. Kada su bi tsofaffin takardu zuwa wurin mai ƙosai.

Na yi kuskuren tura wa wani daban fa?

Kira lauyan nan take, ka faɗa masa wa ya samu da ƙarfe nawa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mai riƙe da bayanan awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, idan fitarsu na iya cutar da mai su.