Ƙwayar zinki ba ta ƙara jini, yawanta ma na rage shi

Akwai mutanen da suka daɗe suna shan ƙwayar zinki kullum, suna ganin cewa tunda sinadarin abinci ce, yawanta ba zai cutar ba. Wannan kuskure ne.

Zinki da kofa, wato sinadarin jan ƙarfe, duk ta ƙaramin hanji suke shiga jiki. Idan zinki ya yi yawa, bangon hanji yakan ƙara samar da wani furotin mai suna metalotayonin, wanda ya fi riƙe kofa, sai kofar ta maƙale a ƙwayoyin bangon, ta fita da bayan gida idan sun saɓule. Jiki kuwa yana buƙatar kofa kafin ya iya kai sinadarin ƙarfe zuwa ɓargo, inda ake haɗa jini.

Babban mutum miligiram 8 zuwa 11 na zinki yake buƙata a rana, iyakarsa kuma 40. Wanda ya yi watanni yana shan miligiram 50 sau uku kullum zai iya samun ƙarancin jini, raguwar fararen ƙwayoyin jini, da sanƙarewar ƙafafu. Ƙwayar sinadarin ƙarfe ba ta gyara wannan. Sai an auna kofa a jini, an dakatar da zinkin, likita ya mayar da kofar.