Daga 9:40 na dare zuwa 6:15 na safe, awa nawa ke nan?

"Assalamu alaikum Malam. Gadi nake yi a wata masana'anta a Ikeja, ina zaune a Agege. Ina karɓar aiki 9:40 na dare, in miƙa 6:15 na safe. Na cire ƙaramin daga babban na samu awa 3 da minti 25, kuma na san ba haka ba ne. Yaya ake lissafin?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Awa 8 da minti 35 kake yi. Hanyar da na fi yarda da ita, wadda kuma za ka iya bi da ka ko a cikin motar komawa gida, ita ce ka raba daren biyu a daidai ƙarfe 12, ka lissafa kowane ɓangare shi kaɗai, sannan ka haɗa.

Fara da ɓangaren farko. Daga 9:40 zuwa 10:00 minti 20 ne. Daga 10:00 zuwa 12:00 awa 2 ne. Ka ga kafin 12 na dare ka riga ka yi awa 2 da minti 20. Ɓangare na biyu ba ya buƙatar lissafi ko kaɗan, domin daga 12 na dare agogo sabon ƙirge yake farawa, saboda haka abin da ya nuna lokacin da ka miƙa aiki shi ne abin da ya wuce: awa 6 da minti 15. Sai ka haɗa awoyi da awoyi, mintuna da mintuna. Biyu da shida takwas, ashirin da sha biyar talatin da biyar.

Abin da ya sa ka samu 3:25 kuwa, ka auna tazarar da ke tsakanin lambobin biyu a fuskar agogo ne, ta gefen da allurar ba ta bi ba. Allurar ta tashi daga 9:40 ta yi gaba, ta ratsa 12, ta sauka kan 6:15. Guntun da ta rage bai cika zagayen ba shi ne 3:25. In ka cire shi daga awa 12, za ka ga 8:35 ɗin nan ya fito.

Idan mintunan suka haura 60 bayan na haɗa fa?

Sai ka ɗebe 60 ka mayar da su awa guda. A ce wani dare ka zo da wuri ka karɓa 9:10, mai canjinka kuma cunkoson safiya ya riƙe shi har 6:45. Kafin 12 kana da awa 2 da minti 50, bayan 12 kana da awa 6 da minti 45. Awoyi takwas ne, mintuna 95. A cikin 95 akwai awa guda da ragowar 35, don haka daren ya zama awa 9 da minti 35.

A rajistar wurin aikinmu 21:40 da 06:15 ake rubutawa. Akwai hanyar da ta dace da wannan?

Akwai, kuma ita ce ma'aikatan ofis suka fi bi. A agogon awa 24, duk lokacin da ya kama daga ƙarfe 1 na rana zuwa kafin 12 na dare ana ƙara masa 12, shi ya sa 9:40 na dare ya zama 21:40. Tun da safiyar da ka tashi aiki ta washegari ce, sai ka ƙara mata 24, 06:15 ya zama 30:15. Yanzu sai a cire 21:40 daga 30:15. Ba za a iya cire 40 daga 15 ba, dole a ari awa guda daga 30, kuma awar da aka aro minti 60 ce. Ya koma 29 da minti 75. Cire 21 daga 29, saura 8. Cire 40 daga 75, saura 35. Amsar ta yi daidai da ta farko.

Ni shawarata, ka yi lissafinka da hanyar rabawa, ka duba shi da wannan. In suka saɓa, kusan kullum wajen aron nan ne aka yi kuskure.

Me zai hana in danna a kalkuletar waya kawai?

Nan ne mutane da yawa suke asarar haƙƙinsu, ko su je ofis da ƙorafin da ba shi da tushe, don haka bari in ɗan tsaya a kai. Kalkuleta ba ta san awa minti 60 ba ce. A wurinta duk abin da ya biyo bayan ɗigo kashi ɗari ne, in za ta yi aro ɗari take arowa. In ka danna 30.15 ka cire 21.40 za ta ba ka 8.75. Wannan da sauƙin ganewa, tun da babu agogon da ke nuna minti 75, mutum zai tsaya ya ce akwai matsala.

Wanda ya fi haɗari shi ne wanda amsarsa ta yi kama da lokaci na gaskiya. Ɗauki daren da aka karɓa 9:50 aka miƙa 6:05. Kalkuleta za ta cire 21.50 daga 30.05 ta ba ka 8.55, kai kuma ka karanta awa 8 da minti 55, ba abin da zai sa ka yi shakka. Amma raba daren ka gani: awa 2 da minti 10 kafin 12, awa 6 da minti 5 bayan 12, jimla awa 8 da minti 15. An yi ƙarin minti 40 cif, wato bambancin da ke tsakanin 100 da 60. Alamar da za ka riƙe ita ce, duk daren da mintin tashinka ya gaza mintin farawarka, kalkuleta za ta yi wannan ƙarin na 40. In mintin tashin ne ya fi yawa, za ta dace da amsar, kuma wannan dacewar ce ke sa mutum ya amince da ita har ranar da za ta ɓatar da shi.

In dole sai da kalkuleta, mayar da komai mintuna tukuna. 21:40 shi ne 21 sau 60 a haɗa da 40, wato 1,300. 30:15 kuma 1,815. Bambancinsu minti 515. Awa 8 minti 480 ne, ragowar 35.

To in ana biyan kuɗin ƙarin lokaci da awa, yaya zan mayar da 8:35 kuɗi?

Kada ka ninka 8.35 da kuɗin awa. Minti 35 ya fi rabin awa, alhali 0.35 bai ma kai rabi ba. Raba mintunan da 60: 515 a raba da 60 ya ba da kusan 8.58. A matsayin misali kawai, a ce ana biyan naira 600 a awa, wato naira 10 kowane minti. Minti 515 ya zama naira 5,150. Wanda ya yi amfani da 8.35 zai samu naira 5,010. An tauye naira 140 a dare ɗaya, a dare 26 kuma naira 3,640. Ga mai biyan kuɗin mota kullum daga Agege zuwa Ikeja, wannan ba abin da za a yafe don kuskuren ɗigo ba ne.

Akwai kuma batun hutu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun da bai gaza awa guda ba a jimlace ga ma'aikacin da ke aikin awa shida ko fiye a rana. Ko ana ƙirga wannan awar cikin abin da za a biya ka ko ba a ƙirgawa, ka duba takardar ɗaukarka aiki, ko ka tambayi oganku ya faɗa maka ƙarara. In cirewa ake yi, ka gama lissafin daren duka tukuna sannan ka cire, 8:35 ya koma 7:35.

Wani lokaci ina karɓar aiki 12:30 na dare. Shi ma rabawa zan yi?

A'a. Mu da Hausa 11 na dare, 12 na dare, 1 na dare duk dare muke ce musu, amma ba gefe ɗaya suke ba. 12:30 na dare ya riga ya tsallake, a rajista 00:30 ne, a waya kuma 12:30 AM. Shi da 6:15 na safe rana ɗaya suke, don haka cirewa kai tsaye ake yi: minti 30 zuwa ƙarfe 1, sai awa 5 da minti 15 zuwa 6:15, jimla awa 5 da minti 45. Wanda ya ɗauki 12:30 ɗin yadda yake ya cire daga 30:15 zai samu awa 17 da minti 45, ya yi ƙarin awa 12.

Wace rana zan rubuta wa aikin, ranar da na fara ko ranar da na tashi?

Rubuta duka biyun da kwanan wata. Da yawanmu in mun ce daren Juma'a, daren da za a wayi gari Juma'a muke nufi, domin a lissafin Musulunci rana tana kamawa ne daga magariba. Shi kuwa mai rajista, Juma'arsa ba ta farawa sai 12 na dare, kuma in ka ce masa ka yi daren Juma'a, mai yiwuwa ya fahimci daren da ke wayewa Asabar. Da haka ake rasa dare guda, ko a ƙirga shi sau biyu. Abin ya fi fitowa a ƙarshen wata, inda aka karɓi aiki ranar 31 aka miƙa ranar 1. Ka tambaya tun wuri wane wata ake jingina wa irin wannan daren, ka riƙa bin tsarin ɗaya a ɗan littafinka. Abu ɗaya da ba zai dame ka ba shi ne sauyin agogo, domin Najeriya ba ta matsar da agogonta gaba ko baya a shekara kamar yadda ake yi a Turai.

Ni ne nake tattara awoyin abokan aikina a kwamfuta, amma Excel yana cika mini gidan da alamar ####.

Yana yin haka ne don 06:15 ya gaza 21:40, amsar ta faɗa ƙasa da sifili. In lokacin farawa yana gidan A2, na tashi yana B2, rubuta wannan:

```
=MOD(B2-A2,1)
```

A wurin Excel kwana guda shi ne 1, wannan dabarar kuma tana ƙara kwanan da ya ɓace, daidai da 24 ɗin da muka ƙara da hannu. Saita gidan ya nuna h:mm, za ka ga 8:35. In awoyi kake so don lissafin kuɗi, ninka amsar da 24 ka mayar da gidan na lamba, 8.58 zai fito. Gidan jimlar wata kuma ka saita shi [h]:mm, in ba haka ba duk awa 24 zai koma sifili: dare 26 na 8:35 awa 223 da minti 10 ne, amma zai nuna maka 7:10.

Dabarar tana da iyaka. Ba ta ganin aikin da ya kai awa 24. In wani ya karɓa 7:00 na safe, mai canjinsa bai zo ba, ya kwana har 7:00 na washegari, sifili za ta ba shi. In ya kai 8:00, awa guda za ta rubuta masa a maimakon 25. A irin wannan sai ka shigar da kwanan wata tare da lokaci a gidajen biyu, ka cire A2 daga B2 kai tsaye, gidan amsar yana kan [h]:mm.