Takardar shaidar kuɗin karatu a ƙasashen waje

Takardar shaidar kuɗi wasiƙa ce ko bayanin asusu da banki ke bayarwa don tabbatar wa ofishin biza cewa ɗalibi yana da abin biyan makaranta da na zama a ƙasar da zai je. Kowace ƙasa da tsarinta. Jamus, alal misali, ta fi dogara da asusun da ake kulle kuɗi a ciki, ɗalibi yana cira wata-wata. Wannan maƙala ta dubi tsarin Birtaniya ne, inda yawan kuɗi kaɗai ba ya wadatarwa: ana duba nawa ne, na wane ne, kuma kwana nawa suka yi a asusun.

Lissafin yana farawa ne daga takardar CAS, wato shaidar samun gurbin karatu da jami'a ke bayarwa, wadda ke nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da abin da aka riga aka biya. Ragowar shi ake nema a gani a banki, sannan a ɗora kuɗin zama na watanni tara. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, kuɗin zama ya kasance fam 1,483 a wata ga mai karatu a Landan, fam 1,136 kuma ga na wajenta. Gwamnatin Birtaniya tana ƙara wannan adadi lokaci zuwa lokaci, don haka wanda ke aiki ranar neman biza shi ake bi.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta gama Jami'ar Jihar Gombe, ta samu gurbin digiri na biyu a wajen Landan a wancan lokaci. Kuɗin makaranta fam 16,000, ta biya 4,000 kuma an rubuta su a CAS, saura 12,000. Kuɗin zama na watanni tara fam 10,224. Jimla fam 22,224. Idan aka ƙaddara fam ɗaya naira 2,000 ne, tana bukatar naira 44,448,000. Mahaifinta, ɗan kasuwar hatsi, yana da naira miliyan 46 a asusunsa, kuma banki ya rubuta hakan a wasiƙa. Kallon farko, an wuce wurin.

Sai dai dole kuɗin su zauna kwana 28 a jere ba su yi ƙasa da adadin ba ko da yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta lissafin ta kasance cikin kwana 31 kafin a miƙa neman biza. A ce a rana ta 19 mahaifin ya ciri miliyan uku ya biya masara a kasuwar Kumo, ya mayar bayan kwana biyu. Asusun ya sauka miliyan 43, ƙirga ya rushe, sai a sake daga ranar da kuɗin suka dawo. Wannan tarko ya fi kama 'yan kasuwa, domin kuɗinsu ba sa kwana wuri ɗaya. Abin da za a nema a bayanin asusu shi ne mafi ƙarancin abin da ya rage cikin kwanakin nan. Wasiƙar da ta faɗi abin da ke ciki yau kawai, ba ta ce ya kwana 28 ba, ba ta biya bukata ba.

Sai canji. Ofishin biza yana juya naira zuwa fam da farashin OANDA, wani shafin intanet mai nuna farashin canji, na ranar da aka miƙa nema, ba na ranar da aka zuba kuɗin ba, ba kuma na 'yan canji ba. Idan fam ya kai naira 2,100 a ranar, ɗalibar tana bukatar naira 46,670,400, miliyan 46 ɗin sun gaza alhali ko kwabo ba a taɓa ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a Yunin 2023, ajiye daidai adadin ya zama ganganci; ya kamata a bar rara mai kauri, ko a ƙara biyan makaranta don rage abin da canji zai iya taɓawa.

Mai asusun ma ana dubawa. Ana karɓar asusun ɗalibin ko na iyayensa ko na marikinsa na doka, na iyaye kuma sai an haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Asusun kawu ko yaya ba ya shiga, duk da a Bauchi da Gombe su ne sau da yawa ke ɗaukar nauyin karatu. Mafita ita ce su tura kuɗin asusun ɗalibin tun kafin a fara ƙirga kwanakin. Hannun jari, fansho da kuɗin kirifto ba sa cikin lissafi, fili da gida ma haka. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa kuwa wasiƙar hukumar yake miƙawa, kuma idan tallafin bai rufe duka kuɗin ba, sai ya nuna ragowar a banki bisa waɗannan sharuɗɗa.