Ma'anar CRISPR: Makamin Bakteriya da Ya Koma Almakashin Gyaran Gado

CRISPR taƙaitaccen suna ne na wani yanki a cikin DNA na bakteriya, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta a jere kamar haruffa, inda gajeren jerin haruffan ke maimaita kansa, a tsakanin kowane biyu kuma akwai wani guntu dabam. Yoshizumi Ishino da abokan aikinsa sun ci karo da shi a Osaka ta ƙasar Japan a 1987, amma ba su san amfaninsa ba.

Bakteriya ma tana da abokin gaba, wato bairas da ake kira fej. Yakan manne mata, ya ɗura mata DNA ɗinsa, ya hayayyafa a cikinta har ta fashe. A masana'antar yogot wannan asara ce tsagwaronta: a zuba madara a tanki, a sa irin bakteriya, a dawo a tarar ba ta yi tsami ba, ba ta yi kauri ba, don fej ya kashe irin. Wannan matsalar ce ta sa Rodolphe Barrangou da Philippe Horvath na kamfanin Danisco suka sakar wa Streptococcus thermophilus, bakteriyar da ake yin yogot da ita, fej da gangan. A 2007 suka nuna cewa 'yan kaɗan da suka tsira sun yanko guntun DNA na maharin, kimanin haruffa 30, sun adana a cikin CRISPR. Da aka cire guntun, kariyar ta tafi.

Idan maharin ya dawo, bakteriyar kan kwafi guntun zuwa RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA, shi kuma ya yi wa furotin Cas9 jagora zuwa inda haruffan suka dace, ya datse. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ta yanka kanta, alhali guntun yana jikinta. Cas9 ba ya yanka sai ya ga wata 'yar alama mai suna PAM a gefen wurin, kuma babu ita a ma'ajiyar bakteriyar. Shi ma fej ba ya zama haka nan, sauya harafi ɗaya a alamar kan isa ya kuɓuta.

A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa mutum zai iya rubuta jagoran da kansa, haruffa 20, Cas9 ya yanka inda aka nuna masa. Yanka kawai yake yi. Ƙwayar halittar ce ke ɗinke wurin, kuma a ɗinkin ne sauyin ke shiga. Wani lokaci yakan yanka wurin da ya yi kama da wanda aka nufa, shi ya sa ake bin DNA ɗin a karanta bayan aiki.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, wani magani da ke aiki da CRISPR, don masu sikila. Ana gyara ƙwayoyin ɓargon mai ciwon ne don jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki. A 2023 an sa kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, ga shi Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo.