Hauhawar Turjiyar Sandar Atin a Busasshiyar Ƙasa

Sandar atin ƙarfe ne, galibi mai rufin tagulla, da ake kafawa a ƙasa domin wutar da ta ɓalle zuwa jikin firji ko famfon ruwa ta sami hanyar komawa tiransifoma. A tsarin da ake kira TT, ƙasar ita ce hanyar komawar, kuma wutar tana ratsa ta ne ta cikin danshi da gishirin da ya narke a cikinsa, domin yashi da tsakuwa ba sa ɗaukar wuta. Idan danshin ya sauka ƙasa da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, turjiyar ƙasa takan hau da sauri. A yankunan Sahel, inda ake shafe watanni ba ruwan sama, saman ƙasa ne ke fara bushewa, kuma a nan gajeriyar sanda take.

Misali

Sanda mai tsawon mita 1.2 da kaurin milimita 16, a ƙasar damina mai turjiyar om-mita 100, takan ba da turjiyar kimanin om 70. Idan rani ya kai ƙasar om-mita 1,000, sandar ta koma kimanin om 700. Da wutar bolt 230, abin da zai gudana idan waya ta taɓa jikin na'ura ya sauko daga amfiya 3.3 zuwa 0.33.

Bireka mai alamar B32, wato ta amfiya 32, tana buƙatar amfiya 160 kafin ta katse nan take, saboda haka ko da damina ba ta ganin irin wannan matsala, balle fis. Kariyar ta rataya ne a kan RCD, na'urar da ke kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, ta katse wutar idan ta ga bambanci. Idan RA ita ce turjiyar sandar da wayarta, IΔn kuma yawan bambancin wutar da ke sa RCD ta katse, ƙa'idarta ita ce:

```
RA × IΔn ≤ 50 V
```

RCD ta miliamfiya 300 tana son sandar da ba ta wuce om 167 ba. A om 700, wutar da ke gudana da ƙyar ta wuce abin da zai motsa ta, kuma idan wutar gari ta sauko bolt 200, abin da ke gudana miliamfiya 286 ne, wanda ba lallai ya motsa ta ba. Jikin na'urar zai zauna da kusan dukan ƙarfin wutar har wani ya taɓa shi. Ta miliamfiya 30 tana aiki har om 1,667, ko da yake ƙa'idar haɗa wayoyin lantarki ta Birtaniya, BS 7671, tana ɗaukar abin da ya wuce om 200 a matsayin marar tabbas.

Ganewa da gyara

Abin damuwa shi ne fitilu suna ci kamar kullum, kuma maɓallin gwaji na RCD yana jarraba na'urar ce kawai, bai shafi sandar ba. Sai an auna da mitar atin da ƙananan sanduna biyu, ta tsakiya a kashi 62 cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin sandar atin da ta nesa, kuma ƙarshen rani ne lokacin da ya dace. 

Gyara mafi ɗorewa shi ne a zurfafa sanda ta kai ga danshin da ba ya ƙafewa, ko a ƙara wasu da tazarar da ta kai tsawonsu. Gishiri da gawayi suna rage turjiya, amma ruwa yana wanke gishirin, kuma yana cin ƙarfen.