Kwafin bayanan asusunka: abin da ke ciki da abin da sai ka nema

Galibin manyan manhajoji suna da wurin da za ka danna a haɗa maka bayananka ka sauke. Tushen abin doka ce, kuma wadda ta fi suna ita ce GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Sashe na 15 ya ba mutum haƙƙin tambayar kamfani ko yana riƙe da bayanansa, da kuma karɓar kwafi. Kwafin farko kyauta ne. Dokar ta hau kan kamfanin da ke da mazauni a Tarayyar, da na waje mai hulɗa da mutanen da ke cikinta.

Abin da ake turo maka yawanci ƙunshi ne na ZIP, wato fayil ɗaya da aka matse fayiloli da yawa a cikinsa. Idan an ba ka zaɓi, ɗauki HTML don karantawa da ido, JSON kuwa na mai son kai bayanan wata manhaja ne. A ciki za ka ga sunanka, imel da lambar waya, saƙonni da hotunan da ka ɗora, lokutan da aka shiga asusun, na'urar da aka shiga da ita, da adireshin IP, wato lambar da ke nuna daga ina na'ura ta hau intanet. A nan nake so a tsaya a duba da kyau, domin baƙuwar waya a jerin na iya nuna cewa wani ya shiga asusunka.

Sai dai wannan ƙunshi ba lallai ya cika abin da doka ta ba ka ba. Kana da haƙƙin sanin dalilin da ya sa ake amfani da bayanan, tsawon lokacin da za a ajiye su, inda aka samo waɗanda ba kai ka bayar ba, da waɗanda aka miƙa wa su. A Janairun 2023 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa idan ka nema, sai an faɗa maka ainihin waɗanda aka ba, sai fa in gano su ba zai yiwu ba, ko kamfanin ya nuna cewa buƙatar a fili ba ta da tushe ko ta wuce kima. Don haka amsar da ta tsaya a “abokan hulɗarmu” kawai ba ta wadatar ba. Rubuta wa jami'in kare bayanai na kamfanin, ka ambaci sashe na 15, ka lissafa abin da ba ka gani ba.

A ce wasiƙarka ta isa ranar 10 ga Maris. Kamfanin yana da wata ɗaya, wato zuwa 10 ga Afrilu. Idan buƙatar mai sarƙaƙiya ce, yana iya ƙara wata biyu zuwa 10 ga Yuni, amma dole ya sanar da kai, da dalilinsa, kafin watan farko ya ƙare. Yana iya neman ka tabbatar kai ne mai asusun, kuma yana iya rufe abin da zai taɓa haƙƙin wasu mutane. Idan wa'adi ya wuce shiru, kai ƙara ga hukumar kare bayanai, ka haɗa da kwafin wasiƙarka mai ɗauke da kwanan wata.