Auna lita 4 da jarka mai lita 3 da mai lita 5

Auna lita 4 da mazubi biyu tsohon wasa ƙwaƙwalwa ne na ilimin lissafi. Ana ba mutum jarka biyu, ƙarama mai cin lita 3 da babba mai cin lita 5, babu alamar awo a jikin ko ɗaya, kuma ga ruwa isasshe a randa ko a famfo. Sai a ce ya fitar da lita 4 cif. Abu uku kawai aka yarje masa: ya cika jarka fal, ya juye ta ƙarƙaf, ko ya zuba daga wannan zuwa waccan har sai ta farkon ta ƙare ko ta biyun ta cika. Ba a yarda da ƙiyasin ido ba, wato babu cewa "wannan ai ya kai rabi". Irin wannan tambaya ta daɗe a littattafan lissafi na Turai, kuma tana cikin wasannin lissafin da Bafaranshe Claude Gaspard Bachet ya tattara ya wallafa a 1612.

Hanya mafi gajarta

Ana farawa da babbar jarka. A cika ta, a zuba a ƙaramar har ta cika. Abin da ya rage a babbar lita 2 ne. Sai a juye ƙaramar, a mayar da wannan lita 2 cikinta. Nan dabarar take: ƙaramar yanzu tana da gurbin lita 1 kacal, kuma wannan gurbi shi ne ma'aunin da ba a ba mutum ba tun farko, shi ya ƙera abinsa. A sake cika babbar, a tsiyaya a ƙaramar har ta cika. Lita 1 ce kaɗai za ta shiga, saura lita 4 a babbar. Mataki shida ke nan, kuma babu hanyar da ta gaza haka.

Akwai hanya ta biyu da ke farawa da ƙaramar. A cika ta a juye a babbar, a sake cikawa a ƙara. Babbar za ta karɓi lita 2 ta cika, lita 1 ta rage a ƙaramar. A zubar da na babbar, a mayar da lita 1 ɗin cikinta, a ƙara mata cikin ƙaramar guda. Uku da ɗaya, huɗu. Wannan mataki takwas ce, amma lita 9 take ɗiba maimakon 10.

Dalilin da ya sa dabarar ke aiki

In aka ajiye jarkunan gefe aka dubi ruwan kansa, za a ga cewa a hanya ta farko ruwa yana shigowa ne ta babbar kaɗai, biyar-biyar, yana fita ta ƙaramar kaɗai, uku-uku. An cika babbar sau biyu, lita 10 ke nan. An cika ƙaramar sau biyu daga cikinta, lita 6 ta tafi. Lissafin shi ne 2 × 5 − 2 × 3 = 4. A hanya ta biyu abin ya juya, ruwa ya shigo uku-uku sau uku, ya fita biyar sau ɗaya: 3 × 3 − 1 × 5 = 4. Juye-juyen da ke tsakani ba ya ƙara ruwa ba ya rage shi. Amfaninsa kawai a ajiye saura a wuri guda don a sami jarkar da za a ci gaba da aiki da ita.

Daga nan ake gane abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Kowane adadi da aka samu a jarka, wasu biyar-biyar ne da aka ɗebe wa wasu uku-uku, ko akasin haka. Babu lambar da ke raba 3 da 5 duka ba tare da saura ba in ban da 1, shi ya sa ake iya kaiwa ga lita 1, ga ta nan a 2 × 3 − 5, kuma da waɗannan jarkuna biyu ana samun kowane adadi daga 1 zuwa 5. Masana lissafi suna kiran wannan doka da sunan Étienne Bézout, Bafaranshen da ya rayu daga 1730 zuwa 1783, duk da cewa Bachet ya riga shi bayyana ta a kan lambobi. Abin da ta ce shi ne, duk abin da za a samu ta tarawa da ɗebe lambobi biyu ninki ne na babbar lambar da ke raba su duka. Saboda haka mai jarka ta lita 4 da ta lita 6 ba zai taɓa auna lita 5 ba ko zai kwana yana juyi, domin 2 tana raba su duka, kuma duk abin da zai fito masa 2 ne ko 4 ko 6.

Raba lita 8 gida biyu

Ga inda wasan yake zama na gaske. A ce mata biyu sun haɗa kuɗi sun sayi man gyaɗa lita 8 a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, a bokiti guda, suna son raba shi daidai, jarkunan nan biyu kawai gare su. Mai ba ruwa ba ne da za a zubar, don haka duk inda aka ce "juye", cikin bokitin ake mayarwa. An ɗebi 5, saura 3 a bokiti. An cika ƙaramar an mayar, bokiti ya koma 6. Bayan an sa lita 2 a ƙaramar an sake cika babbar, bokiti ya rage 1. An ƙarasa cika ƙaramar, babbar ta tsaya a 4. Mataki na bakwai shi ne a mayar da lita 3 ta ƙaramar cikin bokiti, ta haɗu da 1. Kowacce ta tashi da lita 4.

Inda ake samun kuskure

A takarda jarka tana cin abin da aka ce tana ci. A hannu kuwa, jarkar roba takan ci fiye da abin da aka rubuta a jikinta in aka cika ta har wuya, kuma wannan ɗan bambanci ninkuwa yake yi. In babbar tana cin lita 5.2 a cike, ƙaramar kuma 3 daidai, hanya ta farko za ta ba da 2 × 5.2 − 6, wato lita 4.4. In ƙaramar ce ke cin 3.1, hanya ta farko za ta ba da 3.8, ta biyu kuwa 4.3, saboda sau uku aka auna da ita. Man da ke maƙalewa a jikin jarka da wanda ke ɗiga wajen juyi ba tare da mazurari ba su ma suna cin nasu.

Ana iya gwada jarkunan da ruwa kafin a taɓa mai. Cikin babbar uku daidai yake da cikin ƙaramar biyar, duka lita 15. Don haka in aka ci gaba da hanya ta farko, ana cikawa ana juyewa, cikin babbar na uku ya kamata ya ƙare daidai lokacin da ƙaramar ta cika karo na biyar. In ruwa ya rage a babbar, ko ƙaramar ta gaza cika, to jarkunan ba su dace da juna ba. A misalin mai cin 5.2, lita 0.6 ce za ta rage. Gwajin yana nuna dacewar su biyun ne kawai. In duka biyun sun zarce awonsu da kashi iri ɗaya, zai wuce lafiya lau, sai dai a gwada ɗaya daga cikinsu da ma'aunin lita da aka tabbatar da shi.